Kuɗin da ke haihuwa da wanda ba ya haihuwa: lissafin riba kan riba

Ran Alhamis ɗin nan da ta wuce muna dawowa daga kasuwar Maigatari a bayan a-kori-kura, ni da wani kawuna da ya kai tumaki biyu ya sayar, sai yake ce min wai ɗansa da ke aikin koyarwa ya dame shi da maganar ya riƙa ajiye wani abu duk kaka, shi kuma gani yake dubu hamsin a wannan zamanin me za ta yi wa mutum, gara ya bari sai ya samu kuɗi masu kauri sannan ya fara. Na ce masa Kawu ai kai ka fi ni sanin amsar wannan, don ka fi shekara talatin kana kiwo. Ya ce me ya haɗa kiwo da banki. Toh daga nan hirar ta ɓarke har muka iso gida ba mu gama ba, shi ne na ce bari in zauna in rubuta lissafin a tsanake, don a baki lambobi suna zamewa.

Mu fara da akuyar tunda ita kowa ya sani. Mata biyu ne a gida ɗaya, kowacce aka ba ta akuya ɗaya. Don lissafi ya yi sauƙi mu ɗauka kowace akuya tana ba da 'ya mace ɗaya duk shekara, 'yar kuma shekara na zagayowa ita ma ta fara haihuwa. Ta farkon duk 'yar da aka haifa da an yaye sai ta kai kasuwa ta sayar ta yi hidimar gabanta. Bayan shekara biyar ta sayar da biyar, kuma a turkenta har yanzu akuya ɗaya ce. Ta biyun ba ta sayar da komai ba, ta bar su. Shekarar farko biyu ne, ta biyu huɗu, ta uku takwas, ta huɗu sha shida, ta biyar talatin da biyu. Uwar akuyar iri ɗaya ce, haihuwar iri ɗaya ce, abin da ya raba su kawai shi ne ɗaya ta bar 'ya'yan su ma suka haihu. Na san wani zai ce ina aka taɓa haka, ba ciwo ba ɓarawo ba bunsuru ko ɗaya, gaskiya ne, zan dawo kan wannan. Amma bambancin da ake ta kai ruwa rana a kansa tsakanin riba ta bai-ɗaya da riba kan riba duk shi ke nan.

Kafin in shiga lambobi akwai maganar da dole in yi, don na san tana ran mai karatu. A littafin lissafi na makaranta wannan darasin da kuɗin ruwa ake koyar da shi, mu kuma mun san hukuncin kuɗin ruwa, haramun ne, ba ni da abin ƙarawa a kan abin da malamai suka faɗa. Amma lissafin kansa bai san daga ina ƙarin ya fito ba. Ko ribar shago ce, ko ta awon hatsi, ko kuɗin hayar sukuk, wato takardar zuba jari irin ta Musulunci, ko ribar da bankin Musulunci ya raba maka, tambayar ɗaya ce, ƙarin da ka samu ka cinye shi ne ko ka mayar da shi cikin uwar kuɗi. Hausa ma ta ɗan rikita mu a nan, don kalmar riba muna amfani da ita wa ribar ciniki ta halak, sannan ita ce dai sunan wancan abin da aka hana. A rubutun nan in na ce riba ta ciniki nake nufi, in na zo kan wancan zan ce kuɗin ruwa.

Toh mu ɗauki naira 100,000, mu ce tana kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara. Goman nan na zaɓe ta ne don sauƙin lissafi, ba wai ina cewa wani wuri na biyan haka ba ne.

A tsarin bai-ɗaya, kullum a kan uwar kuɗin farko ake lissafi. Kashi goma na dubu ɗari shi ne dubu goma. Bana dubu goma, baɗi dubu goma, baɗin baɗaɗa ma dubu goma, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Shekara goma ka tara ribar dubu ɗari, in ka haɗa da uwa 200,000. Shekara ashirin 300,000. Shekara talatin 400,000. Kamar mai hawa tsani ne, kowane taki daidai yake da na bayansa.

A ɗaya tsarin kuwa, ƙarshen shekarar farko kana da 110,000, daidai da wancan, ba bambanci ko na sisi. Amma shekara ta biyu ba a kan dubu ɗari za a yi lissafi ba, a kan 110,000 ne, don haka ribar ta zama 11,000, kuɗin ya koma 121,000. Ta uku ribar 12,100, kuɗin 133,100. Ta huɗu 146,410. Ta biyar 161,051. Ka ga a shekara biyar wancan yana da 150,000 wannan yana da 161,051, ratar dubu sha ɗaya ce kacal, kuma wallahi a nan ne yawancin mutane suke cewa a'a ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan, su fasa. Ka ɗan yi haƙuri. Shekara goma 259,374. Shekara ashirin 672,750. Shekara talatin 1,744,940, a lokacin da ɗan uwansa na bai-ɗaya ke zaune a kan 400,000. In aka ƙara goma ta zama arba'in, ya haura miliyan huɗu da rabi, wancan kuma 500,000.

Abin da nake so a tsaya a kalla da kyau shi ne ina ƙaruwar take taruwa. Goman farko ta ƙara kusan dubu 159. Goma ta biyu ta ƙara kusan dubu 413. Goma ta uku ta ƙara sama da miliyan ɗaya. A shekara ta talatin ita kaɗai, ribar shekara guda ta kai kusan 158,600, wato abin da aka yi shekara goman farko ana tarawa yanzu a shekara ɗaya yake shigowa, kuma mai kuɗin bai ƙara ko kwabo daga aljihunsa ba. Nauyin abin duk a ƙarshe yake. Shi ya sa in ka yi jinkirin shekara biyar, ba shekaru biyar ɗin farko masu 'yar ƙaramar riba ka rasa ba, na ƙarshen ka yanke, masu tsoka. Wannan shi ne abin da na kasa fahimtar da Kawu a cikin mota saboda ƙarar inji da kukan awaki.

Wanda yake son ya gwada da kansa, ka'idar biyun ga su, A abin da kuɗin suka zama, P uwar kuɗi, r kason riba (kashi goma ana rubuta shi 0.1), t yawan shekaru:

```
A = P × (1 + r × t)
A = P × (1 + r)^t
```

Ta sama ta bai-ɗaya ce, ta ƙasa ta riba kan riba. In alamomin sun yi maka yawa rabu da su, buɗe kalkuletar wayarka ka buga 100000 sau 1.1, abin da ya fito ka sake yin sau 1.1, kowane bugu shekara ɗaya ke nan. Akwai kuma wata dabara ta ka da 'yan lissafi ke amfani da ita: ka raba 72 da kason ribar, abin da ya fito shi ne kusan shekarun da kuɗin zai yi ya ninka. A kashi 10 shekara bakwai da 'yan watanni, a kashi 12 shekara shida, a kashi 6 shekara sha biyu. Ƙiyasi ne, ba daidai cif ba, amma ya isa mutum ya gane inda aka dosa. Ka riƙe 72 ɗin nan, za ta yi mana amfani a gaba ta hanyar da ba za ta yi daɗi ba.

Yanzu maganar farawa da wuri. Mu yi misali da tagwaye, mu kira su Hassan da Usaini tunda haka ake kiran tagwaye a wajenmu. Dukansu suna noman riɗi, kowa in ya sayar da kaka zai iya ware 50,000.

Hassan ya fara yana ɗan shekara ashirin. Duk kaka ya zuba dubu hamsin, sau goma, daga ashirin zuwa ashirin da tara. Da ya kai talatin iyali sun yi yawa, ga kuɗin makaranta ga taki, sai ya daina zubi kwata-kwata, amma bai taɓa abin da ya tara ba, ya bar ribar tana komawa ciki. Jimillar abin da ya fita daga aljihunsa 500,000.

Usaini kuwa shekaru goman nan babur ya saya, ya canza waya, ya yi abin da samari suke yi, ban zarge shi ba. Sai da ya cika talatin hankali ya zo, ya fara zuba dubu hamsin duk kaka, kuma bai yi fashi ko sau ɗaya ba har sau talatin. Jimillar nasa 1,500,000, ninki uku na ɗan uwansa.

Ranar da suka cika sittin aka buɗe lissafi, duka a kan kashi goma. Usaini yana da kusan miliyan 9 da dubu 47. Hassan yana da kusan miliyan 15 da dubu 295.

Duk wanda na faɗa wa wannan sai ya ce akwai kuskure, ni ma da farko sai da na sake bugawa sau biyu. Ga inda sirrin yake. Ranar da Usaini ya kai zubinsa na farko, kuɗin Hassan sun riga sun zama 876,558. Kashi goma na wannan ya kai kusan 87,650. Wato a shekarar da Usaini ya yi gumi a gona ya kawo dubu hamsin ta ƙara masa dubu biyar, asusunsa ya tashi da dubu 55, na Hassan yana kwance ya tashi da dubu 87 da ɗoriya. Shekarar gaba ratar ta ƙara buɗewa, haka ta gaba. Ba wata shekara da Usaini zai rage tazarar, sai dai in ya ƙara yawan zubin. Ko ka duba ta wannan fuskar: dubu hamsin ɗin farko da Hassan ya zuba yana ɗan ashirin ta yi shekara arba'in tana aiki, ita kaɗai ta zama kusan miliyan biyu da dubu 263. Dubu hamsin ɗin ƙarshe ta Usaini shekara ɗaya ta samu, ta zama 55,000. Kuɗi ɗaya ne, daga riɗi ɗaya.

Sai dai fa a nan zan rabu da masu yawo da wannan labarin kamar wata laya, don akwai abin da ba sa faɗa. Nasarar Hassan ta dogara ne da girman kason. Na sake buga lissafin nan a kan kashi uku, sai Hassan ya tashi da kusan miliyan ɗaya da dubu 433, Usaini da kusan miliyan biyu da dubu 450. Ya juye ke nan, wanda ya fi zubawa shi ya fi samu. Wajen kashi shida zuwa bakwai ne suke yin kunnen doki. Don haka in ribar ƙarama ce, lokaci shi kaɗai ba zai ɗauki kayan ba, sai an haɗa da yawan zubi. Ko a kashi ukun dai kowace nairar Hassan ta fi ta Usaini haihuwa, tasa ta kusan ninka uku, ta Usaini ba ta kai ninki biyu ba. Kuma wanda ya fi su duka shi ne na ukun da ba mu sa a labarin ba, wanda ya fara a ashirin kuma bai daina ba.

Me ya sa na kawo kashi uku, alhali a Najeriya ana jin riba ta sha biyar har ashirin? Saboda hauhawar farashi. Shi ma fa riba kan riba yake yi, sai dai a kanka yake yi. Tsadar bana a kan farashin bara take hawa, ba a kan na shekara goma da suka wuce ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, kuma ba sai an karanta mana takarda ba, duk wanda ya auni masara ko ya sayi buhun taki tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ji a jikinsa. Ɗauko 72 ɗin nan ka raba da 35, shekara biyu ke nan farashi ya ninka in aka ci gaba a haka. Mutumin da ya ajiye dubu ɗari a irin wannan shekarar aka ba shi kashi goma, a takarda yana da 110,000, amma in ya shiga kasuwa abin da za ta saya masa daidai yake da abin da kusan 81,600 take saya bara. Lamba ta hau, kwanon ya ragu. Ribar gaskiya ita ce abin da ya saura bayan an cire tsadar kaya, a shekarar da aka biya ka sha takwas farashi ya tashi sha biyar, abin da ka samu bai wuce kusan uku ba. Miliyan sha biyar ɗin Hassan ma, nan da shekara arba'in Allah kaɗai ya san buhu nawa za ta saya. Ga kuma zakka in kuɗin sun kai nisabi shekara ta zagayo, kashi biyu da rabi ne duk shekara, ita ma a sa ta a lissafi tun farko.

Wannan ne ya sa ban taɓa raina dattawanmu da ke mayar da kuɗinsu dabba ko hatsi ko fili ba. Ba jahilci ba ne, sun ga naira tana narkewa ne. Amma akuya ma tana da iyakarta, kuma ga alkawarin da na yi na dawowa. Akuya talatin da biyu a takarda ba sa cin harawa. A zahiri daga sun kai goma sha wani abu turke ya cika, kuɗin dusa da ƙaiƙayi ya tashi da rani, ciwo ɗaya ya shigo garke ya kwashe rabi, rabin 'ya'yan ma maza ne. Shago ma haka, kana mayar da riba yana girma har ya kai inda mutanen ƙauyen ba za su iya sayen fiye da haka ba. Babu abin da ke ninkawa har abada. Abin da masu wayo ke yi shi ne in awaki sun yi yawa a mayar da su saniya, saniya ta zama shanun huɗa, daga nan a sayi gona, wato ana canza wa ribar turke ne don ta ci gaba da haihuwa.

Sai tambayar da ta fi amfani in an zo maka da wani tsarin ajiya: ribar nan ina take zuwa? Mutane da yawa suna zaton suna cikin riba kan riba alhali a bai-ɗaya suke. Misali sukuk ɗin gwamnatin tarayya. Na farko an fitar da shi a 2017, na naira biliyan 100, na shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, aka yi aikin tituna da kuɗin. Wanda ya sa dubu ɗari a ciki, duk wata shida an riƙa turo masa 8,235 a asusunsa na banki, a ƙarshe a 2024 aka mayar masa da uwar kuɗinsa. Hayar ba ta komawa ciki da kanta. In duk sanda alat ya shigo ya cire ya yi cefane, a shekara bakwai ya karɓi 115,290, da uwa 215,290, wannan bai-ɗaya ne tsantsa. Da a ce duk hayar da ta shigo yana samun inda zai sake zuba ta a daidai wannan kason, da ya tashi da kusan 302,800. Na ce da a ce, don ba lallai ya samu kason iri ɗaya kowane lokaci ba. Amma ka ga kusan dubu 87 ke tsakanin mai ci da mai mayarwa, a kan takarda ɗaya.

Haka in ka je bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ko Taj ko Lotus, ka buɗe asusun mudaraba, su ba sa yanka maka kaso tabbatacce tun farko, abin da aka samu ake rabawa bisa kason da aka yi yarjejeniya, yana iya hawa yana iya sauka. Ka tambaye su baki da baki, in wa'adi ya cika uwa da riba za a sake juyawa tare ko uwar kaɗai, ribar a tura wani asusun. A takardar da ake cikewa ake zaɓar wannan, mutane kuma sa hannu kawai suke yi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka duba ribar bana da ta bara, in kason bai canza ba kuma lambar iri ɗaya ce to ba a mayar da komai ba.

Adashi kuma fa? Adashi ba ya cikin ko ɗaya. Ku goma kuna zuba dubu biyar-biyar, ranar kwasarka ka ɗauki dubu hamsin, abin da ka zuba ne ya dawo maka, bai haifi komai ba. Amfaninsa yana tilasta maka tarawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma haihuwar sai abin da ka yi da kwasar. Wadda ta kwasa ta sayi tunkiya da wadda ta kwasa ta yi anko, adashi ɗaya suka yi. Asusun ƙasa da ake binnewa a ɗaka shi kam baya yake ci kullum.

Lissafin nan yana kuma tona asirin 'yan damfara. MMM da ta rufe wa mutane kuɗi a Disambar 2016 kashi talatin take alkawari duk wata. Buga 1.3 sau goma sha biyu, dubu ɗari za ta zama sama da miliyan biyu da dubu ɗari uku a shekara guda, a shekara ta biyu ta haura miliyan hamsin. Wace sana'a ce a duniya take haka? Har yau ana sake zuwa da irinta da sabon suna da sabuwar manhaja, wani lokacin har da rigar addini.

Na bar ɓangaren bashi a ƙarshe don shi ya fi shafar mu a karkara. Wuƙar nan da ke yanka maka nama in kana ajiya, ita ce ke yanka ka in kai ake bi. Mutum ya matsu da damina, ba kuɗin taki, ya karɓi 50,000 a wurin mai ba da kuɗi da ruwa, aka ce goma bisa ɗari, shi kuma bai tambaya ba goma a shekara ko a wata. A wata ne. In ruwan a kan uwar kuɗi kaɗai yake, dubu biyar ne duk wata, shekara ta zagayo ana bin sa 110,000. In kuwa duk watan da bai biya ba ana tara ruwan a kan uwa, abin da ya ɗauki ajiyarmu ta ɗazu shekara goma sha biyu shi a wata goma sha biyu zai same shi, bashin ya zama 156,921. Ninki uku da ɗoriya. Wannan fa shi ne ainihin abin da ake yi a jahiliyya, wa'adi ya cika a ce ko ka biya ko a ƙara, kuma aya ta 130 a Suratu Ali Imrana da ta hana cin kuɗin ruwa ninki-ba-ninki ta siffanta shi sarai. Wanda ke da irin wannan bashin a wuyansa maganar ajiya ba tasa ba ce tukuna, babu jarin halak da zai kawo masa abin da bashin ke ci duk wata, ya fara kashe wutar.

Da na je gaishe da Kawu jiya da daddare na nuna masa lissafin tagwayen nan a waya, ya daɗe yana kallo, ya sa na sake buga masa na kashi uku. Sai ya ce toh shi yanzu yana da hamsin da takwas, wace shekara arba'in ce ta rage masa. Na ce Allah ya ja kwana Kawu, amma gaskiya lissafin ba naka ba ne, na su Auta ne. Ya yi shiru, can ya ƙwala wa yaron kira, ɗan shekara sha tara ne, bana ya fara noman gayaunarsa shi kaɗai, ya tambaye shi kuɗin riɗin nan da ya sayar nawa suka rage. Yaron ya sosa ƙeya ya ce ai ya ba da kafin alƙalami na waya.